Jan ruwan famfo bayan dogon ɗaukewa: daga ina yake, kuma bokiti nawa za a zubar?

"Assalamu alaikum Injiniya. A Birnin Kebbi muke. Mun yi kusan wata biyu babu ruwan famfo a shiyarmu, sai shekaranjiya aka kawo, amma jawur yake fitowa kamar an jiƙa jar ƙasa. Ya ɓata mana tankin sama da fararen kayan makarantar yara. Me ke jawo haka? Za mu iya sha? Kuma har yaushe za mu yi ta zubarwa, ga ruwan da wahalar samu?" Daga wata uwargida.

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ku sha shi yadda yake, kada a dama wa jariri madara da shi, kuma a rufe makullin da ke kai ruwa tanki tun yanzu in ba a riga an rufe ba. Galibin wannan jan tsatsa ce da lakar da ta kwanta cikin bututu, ita kuwa ɓarnarta ta fi yawa a kan tufafi da tanki da kawunan famfo. Abin da ya sa na hana sha wani abu ne dabam da ke shiga bututu lokacin da yake wofi, wanda ba shi da launi ko kaɗan. Zan zo kansa, amma sai mun fara gane inda jan yake fitowa, don shi ne zai gaya miki ko zubarwar da kike yi tana da amfani ko asarar ruwa ce kawai.

Abin da ya faru cikin bututu a wata biyun nan

Bututun ƙarfe da ya daɗe a ƙasa, ko babban na kan titi ko ƙaramin da ya shigo gidanku, cikinsa ba sumul yake ba. Shekara da shekaru tsatsa na taruwa a jikinsa har ta yi ɓawo, laka da ɗan yashin da suka tsere wa matatar ruwa kuma suna kwanciya a ƙasansa, musamman inda ruwa ke tafiya a hankali. Muddin ruwa na gudana kullum da ƙarfi iri ɗaya, wannan ɓawo yana zaune lafiya, ba ya damun kowa.

Da aka ɗauke ruwa sai abu biyu suka faru. Inda bututun ya tsiyaye, iska ta shiga ta haɗu da danshi, ƙarfen ya ci gaba da tsatsa fiye da da, tsohon ɓawon kuma ya bushe ya tsattsage. Inda bututun ya yi kwari kuwa, ruwa ya tsaya cik na makonni, kulorin ɗin cikinsa, wato maganin kashe ƙwayar cuta da ake sawa a matata, ya ƙare, ƙarfen ya riƙa narkewa a cikinsa kaɗan-kaɗan. Ranar da aka sako ruwa, ba a natse yake shigowa ba. Yana turo iskar da ta cika bututun a gabansa, shi ya sa kika ji famfo na tari yana tofarwa kafin ruwan ya daidaita. Wannan tari da girgiza su ke kankare ɓawon, su tayar da lakar, su haɗa da tsayayyen ruwan nan su turo muku gaba ɗaya. Gidajen da ke ƙarshen layi da waɗanda ke gangare su suka fi shan wannan kashi, don duk abin da aka kwaso daga sama wurinsu yake ƙarewa. Ko layinku na roba ne ba ku tsira ba: roba ba ta tsatsa, amma tana riƙe lakar da ta kwanta, kuma tana karɓar tsatsar tsohon bututun da ke gabanta.

Kada yawan jan ya ruɗe ki ki ɗauka ƙarfen da ke ciki mai yawa ne. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya ya tsayar da ƙarfe a miligiram 0.3 cikin kowace lita, wato bai kai rabin giram ba a tanki mai lita 1,000. An tsayar da shi nan ne saboda daga wannan adadi ruwa ke fara ɓata tufafi da canza ɗanɗano. Ɗan abu kaɗan ya isa ya rine durom guda.

Kofin gilas zai gaya miki iri

Ki tari ruwan a kofin gilas mai haske, ki ajiye inda ba za a taɓa ba, ki duba bayan rabin awa, ki sake dubawa da safe. Idan kin ga ɓarɓashi ja ko ruwan ƙasa ya kwanta a gindin kofin, saman kuma ya washe, tsatsa ce. Ki murza ɓarɓashin tsakanin yatsu, za ki ji yana da ɗan kaushi, ya bar miki jan shafi. Idan har safe ruwan bai washe ba, yana nan a gurɓace, abin da ya kwanta kuma yana da santsi, wannan laka ce. Ruwan famfon Birnin Kebbi da ake tacewa a matatar Dukku ruwan gulbi ne, kuma gulbi da damina laka yake ɗaukowa, amma laka na iya shiga ta wurin da bututu ya fashe a hanya. Idan ruwan ya fito fari kamar an ɗiga madara, sannan cikin minti biyu ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama, iska ce kawai, ba komai. Baƙin ɓarɓashi kuwa yawanci manganis ne, ɗan uwan ƙarfe da ke kwanciya a bututu shi ma.

Akwai iri ɗaya da ya kamata mutanen Kebbi su sani, don ana yawan ɗora wa famfo laifin da ba nasa ba. Ƙasar yankin Birnin Kebbi da Gwandu tana da ƙarfe, kuma burtsatse da yawa a nan suna ba da ruwa mai narkakken ƙarfe. Shi wannan garau yake fitowa, sai ya sha iska na wasu awanni ya koma rawaya, ya yi jan zobe a jikin bokiti. Idan a wata biyun nan kun riƙa cika tanki da ruwan burtsatse ko na 'yan ga-ruwa, wani ɓangare na jan da ke gindin tankinku daga can yake, ruwan famfon da ya faɗo da ƙarfi ne ya motsa shi. Irin wannan ba ya tafiya da zubarwa, sai an wanke tankin.

Abin da ya fi duka muhimmanci a gwajin shi ne hanci. Tsatsa warin ƙarfe take yi. In kika ji warin kwata ko na masai, ko kika ga kumfa, ki daina tara, ki gaya wa maƙwabta, a kai ƙara ofishin hukumar ruwa a ranar.

Lissafin bokiti

Nan ne mutane suka fi yin asara. Za ki ga an buɗe famfo tun hantsi har azahar ana jiran ya washe, ba tare da an san ko jan na gida ne ko na titi ba. Lissafin kuwa ba wuya.

Bututun da ke shigowa gidaje yawanci rabin inci ne ko uku bisa huɗu na inci. Na rabin inci yana ɗaukar kusan lita ɗaya a kowace mita 5. Na uku bisa huɗu yana ɗaukar kusan lita ɗaya a kowace mita 3. Mu ɗauka daga babban bututun titi zuwa famfon tsakar gidanku mita 30 ne, kuma na uku bisa huɗu ne. Duk ruwan da ke cikinsa lita 10 ne, rabin bokitin fenti mai lita 20. Idan kika cika irin wannan bokiti sau biyu, kin canza ruwan bututunku sau huɗu ke nan. Idan da jan na bututunku ne kaɗai, zuwa lokacin ya kamata ya yi sauƙi sosai, bokiti na uku kuma ya fito garau ko kusa da haka.

Idan kin cika bokiti uku ko huɗu launin bai motsa ba, to jan daga titi yake zuwa, kuma famfonki ba zai iya da shi ba. Babban bututu mai inci 4 yana ɗaukar kusan lita 8 a kowace mita. Layi mai tsawon mita 200 yana riƙe da lita 1,600, durom takwas ke nan. Ba yawan ne kaɗai matsalar ba. Kafin ruwa ya share lakar da ke ƙasan bututu ya fitar da ita gaba ɗaya, sai yana gudun da ya kusa mita ɗaya a daƙiƙa, wanda a bututu mai inci 4 yake nufin fitar da sama da lita 350 a minti guda. Famfon gida da ke cika bokiti cikin minti biyu lita 10 yake bayarwa a minti. Abin da famfonki ke yi shi ne jawo lakar a hankali zuwa ƙofarku, ba korar ta ba.

Saboda haka idan na titi ne, ki rufe famfon, ki ba shi awa ɗaya, ki sake tarar bokiti ɗaya ki gani. Yayin da gidajen layin ke ɗiba, ruwan cikin babban bututun na canzawa, abin da ya tashi kuma yana komawa ya kwanta. Sau da yawa cikin yini ɗaya ko biyu na ruwa mai ɗorewa yake washewa. Naku ya kai kwana na uku, don haka in har yau bai sauya ba, kuma maƙwabta na fama da irinsa, aikin ma'aikatan ruwa ne. Akwai makullin wanke layi da ake sawa a ƙarshen bututu ko a wuri mai kwari, wanda idan aka buɗe shi ruwa ke fita da ƙarfin da ake buƙata. Ku haɗu da mai unguwa ku kai buƙatar a matsayin layi guda, ku faɗi ranar da aka kawo ruwan, ku tafi da kwalbar ruwan a hannu. Ya fi a ce kowane gida ya je shi kaɗai yana cewa ruwa ba kyau.

Wani lokaci kuma bututun gida lissafin yake nunawa. An taɓa kirana wani tsohon gida da ruwan maƙwabtansa ya washe tun ranar farko, nasu kuwa kowace safiya sai ya fito ja na ɗan lokaci sannan ya gyaru, kuma ƙarfinsa bai kai na gidan da ke jikinsu ba. Wannan alama ce da ba ta ɓuya: ja da safe ko bayan an daɗe ba a buɗe ba, ya washe cikin bokiti ɗaya, gobe ya dawo. Da muka tone muka yanke bututun, na ƙarfe ne irin wanda masu aikin famfo ke ce wa ji'ai, cikinsa ya cushe da ƙulle-ƙullen tsatsa har biro da ƙyar yake shiga ramin da ya rage, wajen zaren haɗin kuma ya cinye yana tsattsafo. Irin wannan bututu ba a wanke shi. Aka canza shi da na roba daga titi zuwa tsakar gida, magana ta ƙare. In gidanku ya haura shekara ashirin kuma ba a taɓa canza layin ba, ki sa a duba wannan.

Yadda ake wanke layin gida

Aikin yana farawa tun kafin ruwa ya zo. Duk ranar da aka ɗauke ruwa ya wuce kwana biyu, a rufe makullin da ke kai ruwa tanki, a bar shi a rufe. Yawancin tankunan da nake wankewa da dare suka ɓaci, ruwa ya zo mutane na barci, jan farko ya wuce kai tsaye ya cika tanki. In layinku ba shi da makulli tsakanin titi da tanki, ki sa mai aikin famfo ya sa, tare da famfo guda a tsakar gida kafin makullin.

Idan ruwan ya zo, famfon tsakar gida kaɗai za a buɗe, wanda ya fi kusa da inda bututu ya shigo. A fara buɗe shi rabi har tarin iskar ya wuce, don bugun iska da ruwa na iya ɓalle haɗin bututun roba, sannan a buɗe shi duka. Kada a rage shi ya riƙa ɗiga da sunan tattali, ƙarfin ne ke fitar da dattin. Sai ya washe sannan a shiga cikin gida. A kwance 'yar ragar da ke bakin famfunan kicin da banɗaki, a cire kan shawa, a buɗe famfunan ɗaya bayan ɗaya, daga na kusa zuwa na nesa, minti ɗaya ko biyu kowanne. Na ruwan sanyi kawai. In akwai hita a kashe ta a rufe makullinta, domin tsatsar da ta shiga tukunyarta kwanciya take yi, ta yi ta ba ku jan ruwan zafi bayan na sanyi ya daɗe da gyaruwa. Tanki shi ne na ƙarshe.

Ruwan da kika tara kuma ba sai an zubar a kwata ba, in dai ba ya wari. A kora masai da shi, a yayyafa tsakar gida, a ba itatuwa. Wanda aka bari ya kwana a durom aka tsiyaye samansa zai yi wankin kaya masu duhu.

Tankinku da ya riga ya ɓaci, a bar shi ya kwana, a tsiyaye ruwan ta ƙasa zuwa durom-durom, a kwashe lakar gindin, a goge jikinsa da buroshi mai dogon hannu. Sai a zuba rabin kofin shayi na bilic marar ƙamshi a bokitin ruwa mai lita 20, a jiƙa duk cikin tankin da shi, a bar shi rabin awa, a ɗauraye. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanki, kuma kada a tura yaro cikin tankin.

Su kuma fararen kayan yara, kada ki sa musu bilic, don ƙara kama tabon tsatsa yake yi. Ki matsa lemun tsami a wurin, ki barbaɗa gishiri, ki shanya a rana ya ɗan jima, ki ɗauraye da ruwa mai kyau. Kada a goge su da dutsen guga sai tabon ya fita.

Abin da ba ya nuna launi

Bututun ruwa kusan duk yana da 'yan ɓuloli da haɗin da ya saki. Idan yana cike da ruwa mai ƙarfi, ruwa ne ke fita ta nan, ba abin da ke shiga. Da ƙarfin ya faɗi sai hanyar ta juya. Ki dubi layukan unguwa ki ga ƙananan bututu nawa ne suka bi ta cikin kwata, wasu an ɗaure fashewarsu da robar tayar keke. Ki tuna ramukan da ake tonawa a ƙofar gida don a samu ruwa daga bututu kai tsaye, waɗanda ake barin bakinsu a buɗe, ruwan sama ya cika ramin. Ga masu haɗa injin jan ruwa a jikin layi, waɗanda ke zuƙo ruwa zuwa tankinsu, suna kuma zuƙo abin da ke kewaye da kowace ɓula a layin. Wata biyu bututu na wofi, duk waɗannan ƙofofi a buɗe suke, kuma babu kulorin a ciki da zai kashe abin da ya shiga. Ta irin wannan hanya ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa ke samun shiga ruwan famfo.

Shi ya sa washewar ruwa ba ta isa hujjar sha ba. Ruwan zai iya yin garau a bokiti na uku alhali bai tsarkaka ba. Shawarata ita ce, bayan dogon ɗaukewa irin wannan, duk ruwan sha da na wanke baki da na wanke kayan lambun da ake ci ɗanye a gyara shi tukuna, har ruwan ya yi aƙalla kwana biyu yana zuwa garau ba yankewa. Ɗan warin kulorin da wasu ke ƙi, idan ya dawo a famfo, alama ce mai kyau, yana nuna maganin da aka sa a matata ya iso ƙofarku da sauran ƙarfinsa. In kuma ruwan layinku dama zuwa yake yana ɗaukewa, to kowane zuwa a zubar da na farko, na sha kuma a riƙa gyara shi kullum.

Gyaran yana da tsari. A fara barin ruwan ya kwanta, a tsiyaye saman, a tace da farin ƙyalle mai tsabta. In laka ce ta ƙi kwanciya, ɗan alimun zai tattara ta, amma alimun ba ya kashe ƙwayar cuta, share fage kawai yake yi. Bayan nan sai a tafasa har ya yi ɓul-ɓul sosai na minti ɗaya, ko a sa maganin kulorin na ruwan sha gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar ko takardar, a jira rabin awa. Dalilin wannan tsari shi ne tsatsa da laka suna cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayoyin cutar, don haka ma'aunin da ya isa jarkar ruwa garau ba zai isa jarkar jan ruwa ba. Tafasawa kuma tana kashe cuta amma ba ta cire ja. Kada ki ga ruwan da kika tafasa bai canza launi ba ki ce bai yi ba, kuma kada ki ga wanda alimun ya wanke ya yi kyau ki ce ya yi.

Daga nesa, da bayanin da kika ba ni, abin da zan iya shi ne raba miki tsatsa da laka, da na gida da na titi. Ko akwai ƙwayar cuta a ruwanku, wannan sai ɗakin gwaji, kuma ana ɗibar ruwan ne a kwalbar da suka bayar, a kai musu cikin 'yan awanni. Ya cancanci a yi idan ruwan na wari, ko yana ja duk lokacin da aka yi ruwan sama, don wannan na nuna akwai ɓula a kusa da ku. Idan kuwa wani a gidan ya riga ya sha ya fara gudawa, musamman yaro ko tsoho, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari da aka haɗa da tafasasshen ruwa, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa ma'aikatan lafiya ranar da aka kawo ruwan da yadda ya fito.